Jika ɗaya da dala arba'in

Kantin da nake wa aikin karɓar kuɗi a Maraɗi na kayan masarufi ne, shinkafa da mai da madara da sabulu da su taliya, ana sayar da sari ana sayar da ɗai-ɗai. Muna jawo ƙofa bayan sallar isha'i. Yaran kanti suna fara shara da jera kwalaye, ni kuma sai in zaro durowar kuɗi gaba ɗayanta in kai ta teburin ciki, inda fitila ta fi haske. Dattijon da ke kula da kantin a madadin Alhaji, wanda duk muke kira Baba, shi ke fitar da jimillar cinikin yini daga kwamfuta. Yana fitarwa sai ya ninke takardar ya jefa aljihun gaba na rigarsa. Ba na ganinta sai na gama ƙirga na sa hannu.

Da na fara aikin na ɗauka rashin yarda ce ta kawo haka, daga baya na ga amfaninsa a kaina. Mutumin da ya riga ya san adadin da ake jira, hannunsa ne ke ƙirga amma ransa yana wajen wancan adadin. In ya kai kusa sai ya tsaya ya ce ya cika, in ya zarce sai ya ce ai ya maimaita wata takarda. Wanda bai sani ba kuwa abin da ya tarar kawai zai rubuta, kuma wannan rubutun ne kaɗai ke da amfani idan an zo neman gibi.

Saboda 'yan'uwanmu na Najeriya da za su karanta, sai na ɗan tsaya a kan yadda muke faɗin kuɗi, don lissafin daren da zan ba da labarinsa a kansa ya rataya. Kuɗinmu sefa ce, kuma lambar da ke jikinta faran ne. Amma a baki ba ma ƙirga da faran, da dala muke yi, dala ɗaya faran 5. Ƙarfen da aka rubuta wa 100 sunansa dala ashirin, mai 250 dala hamsin, mai 500 dala ɗari. Faran 1,000 kuma jika ɗaya. Ke nan kullum lissafi biyu ne ke tafiya a kanti, na baki da na takarda. Duk lambar da zan rubuta nan gaba faran ce, yadda take a jikin kuɗin da cikin kwamfuta, sai inda na ce dala.

Abin da nake fara yi ba ƙirga ba ne, tsince ne. Durowa in ta yini tana tara abin da ba kuɗi ba: guntayen takardun da aka rubuta abin da aka cire don hidimar kanti, takardun bashi na mutanen da Alhaji ya yarda a ba su kaya, wani lokaci har maɓalli da murfin biro. Takardun nan nakan haɗa su in danne da wani abu can gefe, ba na karanta su tukuna. Sai baƙin kuɗi. Naira ba ta shiga durowarmu, wanda ya zo da ita daga wajen Jibiya ko Katsina sai mu nuna masa 'yan canji ya je ya dawo. Wadda ke sulalewa ba a sani ba ita ce sefar Cadi da Kamaru. Darajarta ɗaya da tamu, amma wani banki ne daban ya buga ta, kuma a nan ba a ciniki da ita. Takardarta ba ta ɓuya, ƙarfenta ne ke shigewa cikin tsaba lokacin cunkoso. In na tsinci ɗaya sai in ware shi, in rubuta a ƙasan takardar lissafi cewa akwai shi, amma ba ya shiga jimilla. Ita kuwa tamu, ta BCEAO, wato babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma, ƙasashe takwas ne ke amfani da ita, kuma kowace takarda tana da harafi kusa da lambarta mai nuna ƙasar da aka fitar da ita. Na Nijar H ne, na Benin B, na Burkina C. Wannan bai shafi ƙirga ba, duk ɗaya suke a durowa.

Daga nan sai rarrabawa, kowane jinsi wurinsa. Takardu iri biyar ne: 'yar jika goma mai ruwan shunayya, 'yar jika biyar koriya, 'yar jika biyu shuɗiya, 'yar jika ɗaya ja, sai 'yar dala ɗari mai ruwan lemo, wadda aka fitar a 2012, shekaru bayan sauran huɗun da suka fito a 2003. A sabuntarsu ko yaro ba zai haɗa su ba. Amma takardar da ta zaga kasuwa, ta sha gumi da manja da ƙura, launinta ya tafi. 'Yar dala ɗari da 'yar jika in suka tsufa duk sukan koma ruwan ƙasa, balle in an ɗauke wuta ana aiki da fitilar caji. Shi ya sa ba na dogara da launi, da girma nake rarrabewa. Kowace takarda ta fi ta ƙasa da ita tsawo. Sai dai akwai tarko a nan: 'yar jika biyar da 'yar jika goma faɗinsu kusan ɗaya ne, haka 'yar jika da 'yar jika biyu. In ka daidaita tarin ta dogon gefe kawai, ƙarama za ta kwanta a tsakiyar manya ba ka gani ba. Sai ka tsayar da tarin ka buga gajeren gefensa a tebur, ka dubi ɗaya bakin. Wadda ta gaza 'yan'uwanta tsawo za ta nutse, ka zaro ta.

Ina rarrabawa ina juya su fuska ɗaya, ina warware kunnuwan da suka lanƙwashe. Takarda mai lanƙwasasshen kunne ita ce ke riƙe ta bayanta su wuce a matsayin ɗaya. Manyan biyu kuma, da jika biyar da jika goma, nakan sake ɗaga kowace a fitila in ga hoton da ke cikin jikin takardar da zirin nan mai walƙiya. An riga an duba lokacin karɓa, amma duban rana cikin layi daban yake da na dare a zaune.

Yanzu ƙirga. Ƙa'idar da Baba ya ɗora ni a kai ita ce a ƙirga guda, kar a ƙirga daraja. Wato in na ɗauki tarin 'yan jika biyu ba na cewa biyu, huɗu, shida, takwas. Ɗaya, biyu, uku nake cewa, kamar ban san nawa ce ba. Dalilin a fili yake. Mai ƙirga da daraja yana aiki biyu a lokaci guda, yana ƙidaya yana tarawa, kuma da an yi masa magana ko waya ta yi ƙara bai san ko ashirin da shidan da ke bakinsa jika ce ko takarda ba. Ga shi in ya sauka daga tarin jika biyar zuwa na jika biyu, harshensa yakan ci gaba da tsallen biyar-biyar. Mai ƙirga guda ba shi da wannan matsala. Ninkawa aikin kalkuleta ce, tana zuwa daga baya.

Goma-goma nake yi. In na ƙirga tara sai in ninke ta goma a kansu ta rungume su, in ajiye. Haka ake ɗaura kuɗi a nan, kuma amfaninsa shi ne in aka katse ka, ɗauri ɗaya kawai za ka maimaita. In na gama sai in ƙirga ɗaurin, in ƙara da 'yan saura. Daren da nake magana, 'yan jika goma sun ba ni ɗauri biyu da guda uku, na rubuta 23. Ban rubuta kuɗinsu ba. Takardar lissafinmu layi uku gare ta, na jinsin kuɗi, na adadin guda, na jimilla, kuma layin tsakiya nake cikawa tun daga sama har ƙasa kafin in taɓa na uku. 'Yan jika biyar 17, 'yan jika biyu 31, 'yan jika ɗaya 46, 'yan dala ɗari na takarda 38.

Sabbin takardu sun fi tsofaffi wuyar ƙirga. Tsohuwa tana da laushi, tana rabuwa da kanta. Sabuwa fil daga banki manne take da 'yar'uwarta, sai ka murza ta tsakanin babban yatsa da manuni ka ji ko biyu ce. Ina ajiye ɗan soso mai damshi a murfin gwangwani don jiƙa yatsa. Wanda ya ga inda kuɗin nan ke kwana ba zai kai yatsansa baki ba.

Ƙarafa su ne ke cin lokaci, kuma su ne mafi ƙarancin kuɗi, shi ya sa masu gaggawa ke kintatarsu. Iri takwas ne ke zuwa mana: 500 da 250 da 200, waɗanda duk masu launi biyu ne, zobe daban tsakiya daban, sai 100 da 50 farare, sai 25 da 10 da 5 masu ruwan ɗorawa. Nakan juye su a faranti mai baki don kar su gangara, in juya kowane ta gefen da lambar darajarsa take. Masu launi biyun nan su ne abin lura. Dala hamsin ta kusa kai dala ɗari girma, dala arba'in kuma ta fi su ƙanƙanta amma in an zuba su tare ido yana ruɗewa. Su nake fara fitarwa, in jera su nesa da juna.

Su ma goma-goma nake tsayar da su. A nan akwai sauƙi ɗaya: in na ƙirga tsayin farko da kyau, guda goma cif, sauran sai in jera su kusa da shi in shafa yatsa a samansu. Wanda ya gaza ko ya ɗara, yatsa zai ji. Amma dabarar tana da iyaka. Tsofaffin 'yan dala ashirin da suka goge sun fi sababbi siranta, har goma sha ɗaya nasu kan yi kusa da tsayin goma. Saboda haka gogaggu nake ware su in ƙirga da hannu. Dama ware su ya zama dole, don gobe in na miƙa wa mai saye gogaggen ƙarfe zai turo mini abina. Haka dala hamsin, kuɗi ne halastacce amma mutane da yawa ba sa son karɓarsa, sai ya yi ta kwana a durowa. A lissafi dai duk kuɗi ne, ana ƙirga su da darajarsu. Yagaggun takardu da gogaggun ƙarafa Alhaji ke tarawa, in sun taru a kai banki, tunda BCEAO tana da reshe a nan Maraɗi.

A daren na sami 'yan 500 guda 9, 'yan 250 guda 6, 'yan 200 guda 14. 'Yan 100 ne suka fi yawa kamar kullum, tsayi takwas da guda bakwai, 87 ke nan. 'Yan 50 guda 53, 'yan 25 guda 34, sai 'yan 10 guda 12 da 'yan 5 guda 6.

Sai a sannan na jawo kalkuleta na cika layi na uku, kowane jinsi a ninka shi da adadinsa. 23 sau 10,000 ya ba da 230,000, 17 sau 5,000 ya ba da 85,000, haka har ƙasa. Ina tara takardu daban, ƙarafa daban. Takardu suka tashi 442,000, ƙarafa 21,150, gaba ɗaya 463,150. Nakan tara daga sama zuwa ƙasa, in goge, in sake tarawa daga ƙasa zuwa sama. In yatsa ya zame ya danna lamba ba daidai ba, da wuya ya sake zamewa a wuri ɗaya in an sauya hanya.

Ba duk wannan ne cinikin yau ba. Kowace safiya ana buɗe durowa da kuɗin canji na 25,000, kuma suna cikin abin da na ƙirga. Na cire su, saura 438,150. Na sa hannu, na tura wa Baba farantin da ɗaurin kuɗin. Ya maimaita ƙirgar a gabana ba tare da ya dubi takardata ba, yana faɗin adadin kowane jinsi ina dubawa. Duk sha ukun suka zo ɗaya. Sannan ya zaro takardarsa daga aljihu.

Kwamfuta ta ce an yi cinikin 512,650. Amma ita duk abin da ya fita daga kanti take tarawa, ba abin da ya shiga durowa ba. Sai an cire waɗanda suka biya ta waya, 58,000 a ranar, don kuɗinsu yana cikin asusu. Sai an cire kayan da aka bayar bashi, 11,500. Saura 443,150. Sai kuma abin da aka zara daga durowa don hidima, wato guntayen takardun nan da na danne a gefe. Biyu ne: ɗaya ta 'yan dakon da suka sauke buhunan shinkafa, 3,500, ɗaya an rubuta ƙanƙara, 300. Da aka cire su, abin da ya kamata a tarar shi ne 439,350. Ni kuwa 438,150 na tarar.

Baba ya cire tabarau ya ce, “To ɗana, jika da dala arba'in babu.”

Na ce, “Baba, a bari mu ga kamar me ta yi.”

Gibi yana da kama, kuma girmansa yakan nuna inda za a fara nema. Wanda bai san haka ba sai ya rushe komai ya sake ƙirga tun daga farko, sau uku sau huɗu, yana ƙara gajiya yana ƙara kuskure, alhali mutum biyu sun riga sun ƙirga sun dace. In gibin ya zo daidai da bambancin takardu biyu, can za a duba. Jika biyar cif, wataƙila 'yar jika goma ce ta kwanta cikin 'yan jika biyar, ko an ba wani canjin jika goma alhali biyar ya bayar. Jika ɗaya cif, a duba tsakanin 'yan jika da 'yan jika biyu, ko wani tsayin 'yan dala ashirin da aka tsallake. In gibin ya rabu da tara ba saura, sau da yawa lambobi ne aka juya wajen rubutu, kamar a rubuta 64 a maimakon 46, ko 5,300 a maimakon 3,500. Duk lambobi biyun da aka musanya wa wuri, bambancinsu yana rabuwa da tara. In kuma gibin ya yi daidai da wani ciniki guda da ke cikin kwamfuta, to galibi wanda ya biya ta waya ne aka shigar da shi a matsayin tsaba.

Namu 1,200 ne. Ba ya rabuwa da tara, don haka ba juyin lamba ba ne. Babu takardu biyu da bambancinsu ya zo daidai da haka. Baba ya bi jerin cinikin yini bai ga na 1,200 da aka biya ta waya ba. Abin da ya fara zuwa mini shi ne ƙarafa masu launi biyu, domin tsakanin 500 da 200 akwai 300, kuma 300 sau huɗu 1,200 ne. In 'yan dala ɗari guda huɗu suka shiga layin 'yan dala arba'in, gibin da za a gani ke nan daidai. A nan amfanin layin tsakiya ya fito: ba sai mun taɓa sauran kuɗin ba, tari biyu kawai muka baje, guda 9 da guda 14, muka duba lambar kowane. Babu baƙo a cikinsu.

Saura takardun hidima. Ta 'yan dako rubutun Baba ne, ya san abin da ya biya. Ta ƙanƙara kuwa ba rubutunsa ba ne, ba nawa ba ne. Da na fita sallar la'asar wani yaron kanti ne ya tsaya a wurina, injin sanyi ya tsaya saboda rashin wuta, aka aike a sayo ƙanƙara a zuba wa lemo da madara. Baba ya ɗaga takardar ya dube ta, ya ce ƙanƙarar da ya gani an shigo da ita a buhu ta fi ƙarfin dala sittin. Ya ƙwala wa yaron kira.

“Kai, ƙanƙarar nawa ka sayo?”

“Ta ɗari uku, Baba.”

“Ɗari uku na me?”

“Dala ɗari uku mana. Jika da rabi na ɗauka, 'yar jika ɗaya da 'yar dala ɗari.”

Yaron bai ɓoye komai ba, abin da bakinsa ya faɗa shi hannunsa ya rubuta. Ya ɗauki 1,500, ya rubuta 300, mu kuma muka karanta 300 a matsayin faran. Bambancin 1,200. Da aka gyara takardar, kuɗin hidima ya koma 5,000, abin da ake jira ya koma 438,150, daidai da abin da ke kan tebur.

Wannan irin gibin yana da alamarsa da ba ta ɓata. Duk lokacin da aka rubuta dala aka karanta faran, an rage kashi huɗu cikin biyar na kuɗin, don haka gibin zai zama ninki huɗu na lambar da ke rubuce. Hanyar gwaji ita ce a raba gibin da huɗu, a nemi amsar a cikin takardun hannu. 1,200 a raba da huɗu 300 ne, ga kuwa 300 a takardar ƙanƙara. Yana iya zuwa ta ɗaya gefen ma. In mai karɓar kuɗi ya ji an ce ɗari biyu ya karɓi jika, amma ya danna 200 a kwamfuta, da dare za a ga rarar 800. A kantin da ma'aikata suka taso da lissafin kasuwa, wannan gwajin nake sa wa gaba kafin na rabawa da tara.

Baba bai yi wa yaron faɗa ba, ya dai sa shi ya ja layi ɗaya a kan 300 yadda za a iya karanta ta, ya rubuta 1,500 a gefe ya sa hannu. Ba a gogewa, ba a yaga takarda a sake wata, don in Alhaji ya zo dubawa ya ga abin da ya faru da idonsa. Tun daga ranar duk takardar hidima sai an rubuta mata F a bayan lamba.

Ba kullum ake samun bakin zaren ba, kuma ba kowane bambanci ake bi ba. Na dala biyar zuwa goma kusan kullum akwai shi, kuma yawanci rara ce, saboda ƙananan ƙarafa sun yi ƙaranci, mai saye yakan ce a bar shi. In an ba shi alewa a madadin canji, ita ma alewar sai an shigar da ita ciniki, in ba haka ba durowa ta yi rara, kwalin alewa ya yi gibi. Irin wannan ana rubuta shi yadda yake a wuce. Abin da ban yarda da shi ba shi ne al'adar wasu masu karɓar kuɗi ta ajiye rarar yau a gefe don cike gibin gobe. Rara babba ba riba ba ce, alama ce ta an tauye wani a canji ko an sayar da kaya ba a shigar ba, kuma mai ita yana iya dawowa da safe. In an rubuta cewa jiya an sami rarar jika uku, sai ga wata baiwar Allah ta zo ta ce ta ba da jika biyar an yi mata canjin jika biyu, magana ta ƙare, a ba ta abinta. In ba a rubuta ba sai rantse-rantse. Shi ma gibin da aka nema aka rasa, rubuta shi ake yi da sunan wanda ya riƙe durowa, kuma wannan ne ya sa nake ganin duk wanda zai tsaya a wurin wani, ko na minti goma ne, ya kamata a san abin da ya ɗauka da abin da ya karɓa.

Aiki na ƙarshe shi ne ware canjin gobe, kuma 25,000 ɗin nan ba kowace iri ake bari ba. In ka bar 'yan jika goma guda biyu da 'yar jika biyar, lissafi ya cika amma mutum na farko da zai sayi sabulu da safe ya tsayar da kai. Ƙananan ake bari. A daren na fitar da 'yan dala hamsin ɗin nan shida da ba a so, da wani gogaggen dala ashirin da gogaggen dala goma, 1,650 ke nan, na bar sauran ƙarafan, 19,500. Na cika da 'yan dala ɗari na takarda guda 11, na zaɓi masu kyan jiki, suka kai 25,000. Na rubuta yadda aka haɗa su a bayan takardar lissafi, don in na buɗe da safe in sake ƙirga su kafin mai saye na farko ya shigo. Tsayin ƙarafan na naɗe kowane da salatif don kar su watse.

Sauran, takardu na 436,500 da ƙarafa na 1,650, su ne 438,150 da za su tafi wurin Alhaji. Baba ya haɗa ɗaurin kowane jinsi ya ɗaure da kyauro, ya sa a jaka tare da takardar lissafi da ta kwamfuta da takardun hidima da na bashi, ya sa hannu a ƙarƙashin nawa. Kwafi ɗaya na takardar lissafin yana zama a wurina, ina jera su a fayil bisa kwanan wata, don in banki ya ce ɗaurin 'yan jika biyu bai cika ba, a san guda nawa suka bar kanti.